Ranar da Akawu Ya Rubuta Wa Kansa Takarda

Shekara talatin da ɗaya Akawu ya yi a gindin bishiyar da ke ƙofar ofishin hukuma yana rubuta wa mutane takardun koke. Kayan aikinsa tafireta ce da tebur mai ƙafa uku da rabi, an cike rabin da bulo. Wanda aka riƙe wa fansho, da wadda aka rushe wa rumfa, da wanda ke nema wa ɗansa aikin masinja, duk wurinsa suke zuwa. Ana cewa in ya rubuta maka roƙo, ko bango aka karanta wa sai ya ji nauyi. Ba kasafai buƙata ke biya ba, amma kowa ya yarda takardar ta yi kyau.

Gidan da yake haya da matarsa ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, kuma rufinsa yana yoyo wuri bakwai. Da hadari ya haɗu matar ke fito da bokiti biyu, baho, tukunya da robobi uku. Akawu ya lura kowane mazubi da muryarsa: baho namiji ne, tukunya kuwa kamar tsohuwa mai mita. Wata rana har ya sake musu wuri don sautin ya tashi daga ƙasa zuwa sama. Matar ta tsaya tana kallonsa, ruwa na ɗiga mata a kafaɗa, ta ce in ya gama koya wa robobi waƙa, katifa ma tana son darasi, don ta jiƙe.

Mai gidan wani dattijo ne da ake kira Alhaji Ba-Komai, a bayan idonsa. Duk abin da ka kawo masa amsa ɗaya ce. Ka ce za ka makara da kuɗin haya, ba komai. Ka ce katanga ta faɗa wa akuyar maƙwabci, ba komai. Ba mugu ba ne. Bai dai taɓa ganin dalilin ɓata wa mutum rai yau ba, alhali gobe na nan.

Wata Laraba da hantsi ya biyo ta layin, matar Akawu ta tare shi, ta shigo da shi har ɗaki. Ta riga ta kira kafinta, yana tsaye a tsakar gida da fensir a bayan kunne.

"Alhaji, ɗaga kai ka gani," in ji ta. "Mu kam muna kwana a waje, kuɗin ɗaki kawai muke biya."

Alhaji ya ɗaga kai ya ga rana ta huda kwano wuri-wuri. Ya tambayi kafinta nawa aikin zai ci. Kafinta ya ce kwano da katako da ƙusa da ladan hannu, dubu sittin.

"Yanzu hannuna ba nauyi," in ji Alhaji. "Malam Akawu, kai ka gyara. Hayar nan dubu ashirin ce, ko? To ka cire wata uku. Ba komai."

Akawu ya yi godiya har ya raka shi bakin titi. Da ya dawo sai ya tarar da matar ta ɗauko tafireta ta ajiye a kan tabarma.

"Malam, rubuta."

"In rubuta me? Ga mutum ya faɗa da bakinsa, a gaban shaida."

"Bakin nan nasa ya faɗa wa mai wanki zai haƙa masa rijiya, shekara shida ke nan. Kai da kake rubuta wa duniya, rubuta mana."

Akawu ya gyara zama. Ya sa takarda biyu da kabon a tsakani, ya tsaya yana kallon wani tabon ruwa a silin mai kama da raƙumi mai ƙafa biyar, sannan yatsunsa suka kama aiki. Har azahar ana jin ƙarar tafireta. Shafi biyu ya cika. Ya miƙe tsaye ya karanta mata.

"Zuwa ga mai girma Alhaji, uban marayu, inuwar masu haya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni, ƙaramin mai zama a ƙarƙashin alfarmarka, ina durƙusawa ina roƙo, in ba zai zama takura ba, ka dubi halin da rufinmu ke ciki da idon rahama, ka ba ni izinin gyara shi. Kuma in ka ga ya dace, a duba yiwuwar rage wani abu daga kuɗin haya."

Haka takardar ta yi ta tafiya. Akwai sakin layi guda a kan damina, akwai wani a kan halin kirkin mahaifin Alhaji, wanda Akawu bai taɓa gani ba. A ƙarshe ya rufe da cewa yana jiran amsa cikin ladabi.

"Ban ji dubu sittin ba," in ji matar.

"Ba a jefa wa babban mutum adadi a fuska, Maman yara. Wannan aikin kasuwa ne."

"Wata ukun fa?"

"Yana ciki. Shi ne wani abu."

Ta so ta ƙara magana, sai ta tuna shi ne mai shekara talatin da ɗaya a harkar, ita kuwa ajinta uku a makaranta. Ta koma kan aikinta.

Washegari Akawu ya kai takardar. Alhaji ya sa aka karanta masa, har ya share ido wurin da aka ambaci mahaifinsa. Ya karɓi biro ya rubuta a ƙasa, irin yadda manyan ofis ke yi: Na gani. Ya sa hannu. Akawu ya dawo gida yana tafiya kamar wanda ya ci shari'a.

Suka fasa gwangwanin da suke ajiya a ciki, suka juye duk abin da suka tara cikin shekara biyu. Kafinta ya yaye tsohon kwano. Da ya yaye sai ya ce silin ɗin ma ya ruɓe, in aka bar shi wata rana zai sauko ya gaishe su a kan gado, kuma sabo dubu ashirin da huɗu ne. Akawu ya hangi Alhaji a bayan babur zai wuce, ya bi shi da ɗan gudu yana cewa silin, silin ma. Alhaji ya ɗaga hannu daga nesa. Akawu ya rantse ya ji ba komai. Aka yi silin. Gwangwani ya koma wurinsa ba ko sisi.

Ruwan farko da aka yi bayan gyara, ɗaki ya yi tsit. Akawu ya kasa barcin rana saboda shirun.

A ƙarshen wata aka yi sallama. Ba Alhaji ba ne, 'yarsa ce, wadda ke aiki a kantin magani, da tabarau da shuɗin fayil a hammata. Ta durƙusa ta gaishe su da ladabi. Ta ce idon Alhaji ya yi rauni, kuma da 'ya'yansa suka duba, sun tarar a cikin gidajensa biyar, masu haya huɗu sun ce an yafe musu wani abu. Don haka daga yanzu ita ce mai karɓa.

"Ai mu namu a rubuce yake," in ji Akawu. Ya ɗauko kwafinsa daga cikin jakar leda ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta karanta shafi na farko, ta juya, ta karanta na biyu, ta sake juyawa ko akwai na uku.

"Baba Akawu, takardar ta yi daɗi ƙwarai. Ina amsar?"

"Wace amsa?"

"Ka ce kana jiran amsa cikin ladabi."

"Ga ta nan ƙasa. Ya sa hannu."

"Ya ce ya gani. Ni ma yanzu na gani." Ta gyara tabarau. "Baba, ba ina ƙaryata ka ba ne. Amma abin da ke nan, kai ne kake roƙo a ba ka izini. Ba inda aka ce an ba ka. Ba adadi, ba wata nawa, ba ranar da kuka yi magana. In wani ya karanta, cewa zai yi har ranar da ka rubuta wannan, ba ku shirya komai ba. Da ba ka rubuta ba ma, da sai in ce ƙila."

Matar Akawu ta juyo ta dube shi.

"Na tambayi Alhaji kafin in zo," 'yar ta ci gaba. "Ya ce ya tuna an yi wata magana a kan kwano. Na ce nawa? Ya ce in tambaye ka. To ni yayyena za su tambaye ni, kuma ba zan ce musu na ji a bakin mai haya ba. Ku kawo mini takarda ranar Asabar. A faɗi abin da aka yi, ranar da aka yi, nawa ne, daga wane wata zuwa wane wata. Shi ya sa hannu, kai ka sa, shaida ya sa, ga rasit. In babu, zan rubuta wannan watan bashi ne. In ya kai uku, kun san abin da yayana zai aiko da shi."

Sun sani. Takardar tashi daga gida ce. Akawu ya sha rubuta wa mutane roƙon a janye irinta.

Da ta tafi, matar ta ɗauki shafukan biyu ta riƙe su da yatsa biyu.

"Uban marayu," in ji ta. "Mun kusa zama marayun, sai ya riƙe mu."

Ranar Alhamis Akawu bai je gindin bishiya ba. Ya zauna da tafireta tun safe. Takarda ta farko ya fara da "Ina mai neman afuwa", ya zare ta. Ta biyu ya daure har layi uku, sai ya duba ya ga hannunsa ya rubuta "in Alhaji ya ga dama" ba da saninsa ba. Ta uku ya rubuta "Mun yarda", ya tsaya yana kallon kalmomin biyu kamar ya ga mutum tsirara a titi.

"Ba ya yiwuwa," ya ce. "Mun yarda. Ni da Alhaji a layi ɗaya, kamar mun haɗa jari. Ai raini ne."

Matar tana tsintar tsakuwa a shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Da ya ce ka cire wata uku, a durƙushe kake?"

"A tsaye nake."

"To rubuta a tsaye. Sa sabuwa. Abin da na faɗa kawai za ka buga, in ka ƙara ko gaisuwa ce, tafiretar nan za ta kwana a rijiya."

"Ba mu da rijiya."

"Alhaji zai haƙa."

Ya sa takarda biyu da kabon. Ta faɗa, yana bugawa, yana runtse ido a kowace gaɓa. Ta sa ya rubuta ranar da ake ciki a sama. Ta sa ya rubuta cewa wannan takarda tana tabbatar da maganar da aka yi da baki ranar Laraba, uku ga watan jiya, a gidan da yake haya, tsakaninsa da Alhaji, a gaban kafinta. Cewa Alhaji ya amince mai haya ya gyara rufi da kuɗinsa, dubu sittin, a cire daga haya, dubu ashirin duk wata, wata uku a jere daga shi watan jiyan. Cewa daga baya ya amince da silin, dubu ashirin da huɗu, a cire a wata na huɗu da na biyar. Cewa an gama aikin. Sai wuri uku na sa hannu.

Akawu ya zare takardar. Rabin shafi ma ba ta cika ba.

"Wannan ai ba takarda ba ce, lissafin mai kanti ne. In abokan aikina suka ga wannan da sunana, na gama yawo."

"Ba za su gani ba. Ba a gidanka suke kwana ba."

Saura rasit. Na kwano da katako suna nan, mai shago ya bayar. Na ladan hannu babu, domin kafinta bai taɓa ba kowa rasit ba tun da ya fara riƙe guduma. Da aka nema, sai ya zaro wani guntun katako daga buhunsa, inda ya yi lissafin aikin da fensir, ya ce ga shi nan, komai na ciki. Akawu ya daɗe yana juya katakon, yana sha'awar yadda bakwai ɗin kafinta ke kama da ƙugiya. Matar ta karɓe, ta sa aka kwafe a takarda, kafinta ya sa hannu.

Ranar Asabar da safe su uku suka je gidan Alhaji. A falonsa akwai agogon bango uku, kowanne da lokacinsa, ba wanda ya yi daidai. Alhaji na kishingiɗe, 'yarsa na gefe da fayil. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa. Sannan 'yar ta karɓi takardar ta karanta a bayyane. Ba ta kai minti ɗaya ba.

Alhaji ya jira ko akwai saura.

"Shi ke nan? Malam Akawu, ko na yi maka laifi ne? Waccan ta fi daɗi. Wannan ko gaisuwa babu."

Akawu ya buɗe baki, matar ta taka masa ƙafa.

"Gaisuwar mun kawo ta da baki, Alhaji," in ji ta. "Ita ba ta ɓacewa."

"Baba," in ji 'yar, "ka ce su gyara rufi su cire wata uku?"

"Ba komai."

"Ba shi na tambaya ba. Ka ce, ko ba ka ce ba?"

Alhaji ya dubi agogo na farko, ya dubi na biyu. An ga alama tambayar ta matse shi kamar sabon takalmi. Kafinta ya gyara murya.

"Ka ce, Alhaji. Ina tsaye. Har ka ce hannunka ba nauyi, na ce a raina to mu kam hannunmu ya saba."

"To na ce," in ji Alhaji. "Tunda an ji."

'Yar ta sa alama a gefen layin. "Silin fa?"

"Wane silin?"

"Kana kan babur, Alhaji," in ji Akawu. "Na biyo ka ina faɗa, ka ɗaga mini hannu."

"Na tuna ka biyo ni da gudu. Na ɗauka gaisuwa ce. Har na ce wa mai babur, ka ga mutumin kirki, da shekarunsa."

'Yar ta dubi kafinta. Kafinta ya ce shi yana kan rufi a lokacin, ya ga gudu, ya ga hannu, amma Allah ya sani bai ji komai ba.

"Baba Akawu, ka faɗa masa adadin?"

"Babur ɗin yana sauri."

"To wannan ba zan iya sa shi ba. In Baba ya ce yanzu ya yarda, sai a bar shi." Ta juya. "Baba, ka yarda a cire dubu ashirin da huɗu na silin? Ka sani yaya zai gani."

Da jin an ambaci babban ɗansa, Alhaji ya shiga neman carbinsa a ƙarƙashin matashi. Ya ce shi fa yanzu an karɓe komai daga hannunsa, yara ne ke yi. Ya ce silin abu ne mai kyau. Ya ce a zamaninsu ma ba a yin silin.

'Yar ta ja layi ɗaya a kan maganar silin, a kwafi biyun duka, yadda za a iya karanta abin da aka soke. Ta ce kowa ya sa hannu a gefen layin, kada gobe a ce wani ne ya soke a ɓoye. Akawu ya riƙe biro yana kallon dubu ashirin da huɗu da layi ya ratsa ta ciki. Ya dubi matarsa.

"Sa hannu, Malam," ta ce a hankali. "Wata uku a takarda sun fi biyar a kan babur."

Ya sa. Alhaji ya sa, 'yar tana nuna masa wurin da yatsa, tana kallon biron kada ya sake rubuta wani abu. Kafinta ya zana sunansa harafi-harafi, yana cije leɓe. Ta haɗa kwafi ɗaya da rasit ta sa a fayil, ta miƙa wa matar Akawu ɗayan, ba Akawu ba. Ta ce sai wata na huɗu za su gan ta. Ta shiga ciki.

Alhaji ya tashi ya raka su zaure, yana dafa bango. Da ya tabbata 'yar ta yi nisa, sai ya kamo hannun Akawu ya rage murya.

"Malam Akawu, yaran nan ba su san mutunci ba. Shekara goma sha tara muna tare. Silin ɗin nan na ɗauke maka. Tsakanina da kai, kada ka faɗa mata. In wata na huɗu ya zo, ka cire abinka."

Fuskar Akawu ta washe. Ya fara jero addu'a, ya kai kan kakannin Alhaji, sai ya ji matarsa tana buɗe jaka.

"Allah ya saka da alheri, Alhaji," in ji ta. "Ga takardar, ga bayanta fari tas, ga biro. Ga kafinta bai tafi ba. Layi ɗaya ne."

Alhaji ya dubi biron. Ya ce idon nan nasa, in ya yi rubutu sau biyu a rana, sai ya yi ta ruwa har dare. Ya ce su bari ya huta, zai aiko. Ya ce a gaida yara. Ƙofar zaure ta rufe a hankali, cikin mutunci.

A hanya Akawu ya ce shi ya san Alhaji, maganar nan har zuciyarsa ya yi ta. Matar ta ce ita ma ta yarda, har zuciyarsa, kuma can za ta zauna. Ta ce daga gobe ya riƙa fita gindin bishiya da wuri, akwai dubu ashirin da za a nema kafin wata na huɗu.

Wata uku ba wanda ya yi musu sallama da fayil. A ƙarshen na huɗu 'yar Alhaji ta zo, ta durƙusa ta gaishe su, ta karɓi dubu ashirin cif, ta rubuta rasit. Ta ɗaga kai ta ce silin ɗin ya yi kyau. Ta ce Alhaji yana gaishe su ƙwarai.